Duro ko galan: lissafin da mai gareji zai yi kafin ya sayi mai

Duk bakaniken da ya shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka ta Kaduna neman man inji ya san cewa lita ɗaya a cikin duro ta fi araha a kan wadda ke cikin galan. Dalilin a fili yake, domin mai sayen galan yana biyan kuɗin roba da murfi da kwali. Sai dai ribar duro ba ta tabbata sai an ƙarar da man tun yana da kyau.

Duro guda yana cin lita 208, ƙaramar mota kuwa tana shan kusan lita 4 a kowane juye, wato duro ɗaya zai yi wa mota hamsin da 'yan kai. Garejin da ke kula da motocin haya, yana yi wa uku juye kullum da 20W-50, zai ga ƙarshen duronsa cikin mako uku. Wannan ya ci riba, man bai ma san ya zauna ba. To amma a ce wannan garejin ya ɗauko duron 5W-30 saboda sababbin motoci biyu da ke zuwa masa a wata. Lita 8 ke nan duk wata, sai duron ya haura shekara biyu a buɗe, jari ya kwanta, mai kuma yana lalacewa.

Man inji da ba a fasa ba, idan yana inuwa, yana iya kaiwa kamar shekara biyar. Da zarar an buɗe, lissafi ya canza, kuma babban abokin gabarsa ruwa ne. Da rana iskar da ke cikin duro takan yi zafi ta kumbura ta fita ta bakin murfi. Da dare ƙarfen ya huce, sai duron ya zuƙo iskar waje da danshinta. Idan an bar shi a tsaye a fili da damina, ruwan sama ya taru a kansa, ta nan zai riƙa tsotse ruwan kaɗan-kaɗan, ko da murfin yana ɗaure. Ruwan yakan kwanta a ƙasa, daidai inda bututun famfo yake ɗebowa, ya kawo tsatsa, ya kuma raunana sinadaran da ke kare inji. Da hunturu kuma ƙura ce ke bin mazurari da jarka ta shiga, ta je ta riƙa cin ƙarfen inji.

Gane matsalar ba wuya. Man da ruwa ya shiga yakan dushe, ya yi fari-fari kamar shayi da madara. Idan ana shakka, a ɗiga kaɗan a kan ƙarfe mai zafi: mai tsabta zai bazu shiru, mai ruwa kuwa zai yi ta tartsatsi. Rigakafin shi ne a ajiye duro a cikin rumfa, a kan katako. Idan dole ya kwana a waje, a kwantar da shi yadda murafensa biyu za su kasance ɗaya dama ɗaya hagu, man ya rufe su ta ciki. Kowane irin mai ya samu famfonsa da mazurarinsa, a rubuta ranar buɗewa a jikin duron, kuma kada a fasa sabo sai tsohon ya ƙare.

Man birki shi ne wanda bai kamata a yi masa sayen sari a babban mazubi ba. Nau'in DOT 3 da DOT 4 suna jan danshi daga iska da kansu, ruwan kuma yana narkewa a ciki ba tare da ido ya gani ba. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 230, amma idan ya sha ruwan da bai kai kashi huɗu cikin ɗari ba, yana iya tafasa a wajen 155. A doguwar gangara da kaya, birki ya ɗau zafi, man ya tafasa ya zama tururi, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi ƙasa mota ba ta tsaya ba. A nan rai ake magana. Shi ya sa ƙwararru ke sayen ƙaramar kwalba, a fasa a gaban mai mota, a yi aikin da ita.

Man giyar mota mai otomatik ma ya fi dacewa da galan, domin kowane kamfani da irin wanda yake so, ga shi ba kullum ake canza shi ba. Galan yana da wata fa'idar kuma: mai mota yana ganin hatimi da sunan kamfani da idonsa. Wanda zai sayi duro sai ya nemi dilan da kamfani ya amince da shi, ya duba hatimin murfi da ranar da aka yi man, saboda akwai masu cika tsohon duro da gurɓataccen mai su sayar a matsayin sabo.