Masassarar ƙaramin yaro

Jikin yaro mai lafiya yana da ɗumi, amma ba ya zafi. Taɓa goshi da hannu ba ya nuna iyakar zafin. Ma'aunin zafin jiki ne yake nuna shi.

Ana goge hammatar yaro ta bushe. Ana sa bakin ma'aunin a tsakiyar hammata, a riƙe hannun yaron a jikinsa. In ma'aunin ya yi ƙara, sai a cire shi a karanta. Daga digiri 36,5 zuwa 37,4 zafin jiki daidai yake. Daga 37,5 zuwa sama, yaro yana da masassara.

A ƙasarmu, masassarar cizon sauro ta fi yawa da damina da farkon kaka. Sauro yana sa ƙwayoyin cuta cikin jiki. Ƙwayoyin suna shiga jini, suna hayayyafa, suna fasa jajayen ƙwayoyin jini. Zafin yakan hau, ya sauka, ya sake hawa.

Ga misali. Yarinya mai shekara 2 ta yi zafi da marece, ma'auni ya nuna 38,6. Uwarta ta ba ta parasetamol. Da dare zafin ya sauka zuwa 37,2, ta yi barci. Ta warke ke nan? A'a. Parasetamol yana sauke zafi, amma ba ya kashe ƙwayoyin cutar. In cutar sauro ce, tana nan tana cin jini, kuma cikin kwana ɗaya tana iya yin tsanani. Don haka dole a kai yarinyar gidan likita da safe, kafin awa 24 ta cika.

A can, ma'aikacin lafiya yana ɗibar ɗigon jini a yatsa, ya sa a kan abin awo. Bayan minti 15 zuwa 20 sakamako yana fitowa. Layi biyu: akwai cutar, sai a ba da magani na kwana 3. Ana shanye shi duka, ko da yaro ya fara wasa. Layi ɗaya: ba a ga cutar ba, sai a nemi wani dalili, kamar ciwon kunne ko ciwon huhu.

Akwai alamomin da ba a jiran safiya a kansu, ko da zafin kaɗan ne. Yaro ya kasa sha ko ya ƙi nono. Yana amayar da duk abin da ya ci. Yana jijjiga. Barci ya yi masa nauyi, ba ya farkawa sosai. Numfashi yana yi masa wuya. Wuyansa ya sanƙare. Tafin hannunsa ya yi fari fat. Alama ɗaya ta isa a tafi nan take, dare ko rana. Haka kuma jariri da bai kai wata 2 ba, in jikinsa ya yi zafi.

A kan hanya ana rage wa yaro tufafi. In yana iya sha, ana ba shi nono ko ruwa mai tsabta.