Yadda ake fitar da hannu da tebur daga hoton takarda a wayar salula

Jama'a masu saurarenmu a ƙauyukan Magaria da Dungass, da ƴan uwa mazauna Kano, Agadez, Aljeriya da Libiya, kusan kowa a cikinmu ya san wannan kira: “A turo mini hoton takardar haihuwar yaro yau ɗin nan, gobe za a rufe karɓar takardun BEPC.” Sai a ɗauko takarda daga ƙasan akwati, a shimfiɗa ta kan tebur ko tabarma, wani ya danne gefe da babban yatsa don kada iska ta ɗauke ta, a ɗauki hoto. Can da aka buga shi a shagon fotokofi, sai ga yatsa, ga tebur, ga takarda ta karkace, sama ƙunci ƙasa faɗi. Mai karɓar takardu yana iya cewa a sake kawo wata, kuma daga Wacha ko Dogo-Dogo sake kawo wata ba ƙaramin aiki ba ne.

Me ya sa take karkacewa? Wanda ke zaune ba ya riƙe waya daidai bisa tsakiyar takarda, daga wajen ƙirjinsa yake ɗauka. Gefen da ke kusa da shi sai ya fito da faɗi, na nesa ya tsuke, kamar yadda hanyar mota ke tsukewa in ka hango ta daga nesa. Yankan hoto na yau da kullum, wanda ke cikin WhatsApp, akwati ne miƙaƙƙe mai kusurwa huɗu. In ka matse shi don tebur ya fita, zai ci rubutun ƙasa. In ka buɗe shi don rubutu ya tsira, tebur ya dawo ta sama.

Akwai wani irin yankan, wanda za mu kira yankan kusurwa huɗu. A nan kowace kusurwa tana da ɗigonta, kuma ana jan kowane ɗigo shi kaɗai. Ka ɗora ɗigo huɗun kan kusurwoyin takarda, sai manhaja ta jefar da duk abin da ke waje, sannan ta ja abin da ke ciki ta miƙe shi, gefen da ya tsuke ya buɗe. Ana samun wannan a manhajojin ɗaukar takardu irin su Adobe Scan da CamScanner, da kuma cikin Google Drive, wanda yawancin wayoyin Android ke zuwa da shi, a maɓallin Scan, ko Numériser in wayar tana Faransanci. Kalmar da za a nema bayan ɗaukar hoton ita ce Crop ko Recadrer. Adobe Scan da CamScanner suna karɓar hoton da ya riga yana cikin waya, don haka ɗan uwan da aka tura wa karkataccen hoto zai iya gyara shi can inda yake.

Mu ɗauki misali. Takarda ce mai girman A4, wato santimita 21 a faɗi, 29.7 a tsawo, an ɗauke ta kan tebur a Bande. Yatsa ya danne kusurwar hagu ta ƙasa, ya shigo cikin takarda kamar santimita 2, rubutu kuma bai fara ba sai bayan santimita 2 da rabi daga baki. Manhaja za ta yi nata hasashen inda bakin takarda yake, kuma sau da yawa a irin wannan hoto takan yi kuskure, ta bi bakin tebur ko ta kewaye yatsa. Kada mu yarda da ita ido rufe. Mu ja ɗigo uku mu ɗora kan kusurwoyi ukun da ake gani, a hankali. Wasu manhajojin na nuna ɗan madubi mai ƙara girma yayin da ake ja.

Kusurwa ta huɗu, wadda yatsa ya rufe, nan ne mutane da yawa ke ɓata aiki. Sukan ja ɗigon ya shigo ciki don a guje wa yatsa. To ai manhaja ba ta san da yatsa ba, ita dai ta ɗauka nan ne kusurwar takarda, sai ta ja wannan wuri ta kai shi baki. Yatsa ya fita, amma layukan rubutu sun zube zuwa gefe guda, haruffan ƙasa sun buɗe fiye da na sama. Abin da ya dace shi ne mu bi bakin hagu da ido zuwa ƙasa, mu bi bakin ƙasa zuwa hagu, inda layukan biyu za su haɗu, nan za mu ajiye ɗigon, ko da bisa farce ya faɗa. Takarda za ta miƙe daidai, tebur da sauran hannu su tafi, kan yatsa kaɗai ya rage. Daga nan sai yanka na biyu, miƙaƙƙe, a cire santimita 2 daga gefen hagu tun daga sama har ƙasa. Tunda rubutu sai a biyu da rabi ya fara, babu harafin da ya taɓu.

Yaya za mu gane aiki ya yi? Mu dubi hatimi. Hatimin ma'aikatar magajin gari ko na kotu, in zagayayye ne a takarda, to ya fito zagayayye; in ya koma kamar ƙwai, an ja hoton ta gefe guda, a koma a gyara ɗigo. Sannan layin rubutu na farko da na ƙarshe su kwanta daidai da bakin hoto. Tsawon A4 kuma ya kusa ninki ɗaya da rabi na faɗinta, in ta fito gajera mai ƙiba akwai matsala.

Sai dai wannan yanka yana da iyaka. In yatsa ya hau kan suna, ranar haihuwa ko lambar takarda, abin da ke ƙarƙashinsa bai taɓa shiga hoton ba, babu manhajar da za ta dawo da shi. Kada a goge yatsa a cike wurin da fari, balle a rubuta harafin da ya ɓace. Takardar hukuma da aka taɓa rubutunta tana iya jawo zargin jabu ga mai gaskiya. Haka in an karkata waya sosai, gefen nesa zai fito dishi-dishi bayan an miƙe shi, domin ɗan abu kaɗan aka ja ya yi faɗi. Takardar da ta daɗe a naɗe cikin aljihun riga ita ma ba ta miƙewa duka, tunda yankan ya ɗauka takarda shimfiɗaɗɗiya ce. Kuma in katin ɗan ƙasa ne ko fasfo, wasu ofisoshi suna son ganin bakuna huɗu cif, a nan ban da yanka na biyu.

A irin waɗannan, sake ɗauka ya fi sauƙi. A kwantar da takarda kan zane mai duhu marar ado, a inuwa mai haske, ba cikin rana tsaka ba. Maimakon yatsa, a sa ƴan tsakuwa ƙanana a can bakin da babu rubutu, amma a bar kusurwoyi a fili. A tsaya bisa takarda, waya a kwance daidai da ita, a bar ɗan fili kewaye. Game da launi, mu dai mun fi son a bar shi yadda yake, don zaɓin baƙi da fari yakan cinye hatimin da ya koɗe da sa hannun biro mai shuɗi.

In za a tura ta WhatsApp, a adana ta a matsayin PDF, a danna alamar haɗa fayil a zaɓi Document. Hoton da aka tura kai tsaye WhatsApp na rage masa nauyi, ƙananan lambobi su dushe. Kafin a mayar da takarda cikin akwati, wanda aka tura wa ya buɗe ta, ya ƙara girma, ya karanto suna da lamba a waya, mai takarda yana bi da ido.