Shirin Musamman: Bashin Karatu da Kuɗin Ruwan da Ke Komawa Uwar Kuɗi

Akwai wani nau'in bashin karatu da ɗalibi ba ya biyan ko sisi a cikinsa muddin yana makaranta, amma kuɗin ruwa na ƙirguwa a kansa tun ranar da aka saki kuɗin. Idan ya kammala karatu, lokacin fara biya ya zo, sai mai ba da rancen ya tattara duk ruwan da ya taru ya zuba shi cikin uwar kuɗi. Daga wannan ranar, abin da a da ake kira ruwa ya zama uwa, shi ma ya fara haihuwar nasa ruwan. A takardun bashi na Amurka ana rubuta wannan da capitalized interest, kuma a can ne aka fi sanin tsarin, don haka a can shirin zai fi tsayawa.

Gwamnatin tarayyar Amurka tana ba ɗaliban digirin farko rance iri biyu ta hannun Ma'aikatar Ilimi. Na farko shi ne mai tallafi, wanda ake ba ɗalibin da ya nuna cewa gidansu ba su da hali. A wannan, gwamnati ce ke ɗauke nauyin ruwan a tsawon zaman ɗalibi a makaranta da kuma watanni 6 na farko bayan ya bar ta. Na biyu shi ne marar tallafi, wanda ke fitowa a takarda da sunan Direct Unsubsidized Loan. Shi ba a tambayar halin gida kafin a ba da shi, amma ruwansa na wuyan ɗalibi tun daga ranar farko. Masu digiri na biyu da na uku ba su da zaɓi a nan, domin tun 1 ga Yuli 2012 aka daina ba su mai tallafin.

Adadin ruwan ba ya sauyawa bayan an karɓi rancen. Ana tsayar da shi sau ɗaya a shekara, ya fara aiki daga 1 ga Yuli. Ga rancen da aka bayar a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, ɗalibin digirin farko ya samu kashi 6.53 cikin ɗari, mai digiri na gaba kuma kashi 8.08. Shekara huɗu kafin nan, ɗalibin digirin farko kashi 2.75 kacal ya biya. Wato sa'ar shekarar da mutum ya shiga makaranta ma tana da nata tasirin.

Lissafin ya fi fitowa fili da misali, kuma don sauƙin ji za a ɗauki adadi mai zagaye. A ce wata ɗaliba ta karɓi rancen dala 10,000 a farkon shekararta ta ɗaya, a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari. A shekara, ruwan ya kama dala 600. A wata, dala 50. A kowace rana ta Allah, dala ɗaya da santi 64. Kullum ake ƙirga shi, ko ana hutu ko ana jarrabawa.

A duk shekarun karatun, a kan dala 10,000 ɗin nan kaɗai ake lissafin ruwan. Wanda ya taru yana ajiye a gefe guda, bai shiga uwar kuɗi ba, don haka ba ya haihuwa. Ɗalibar ta yi shekara huɗu a jami'a, ta kuma ci watanni 6 na sassauci da ake bayarwa don mutum ya nemi aiki. Shekara huɗu da rabi ke nan. Dala 600 sau huɗu da rabi ya ba da dala 2,700.

A ranar da wa'adin sassaucin ya cika, idan sharaɗin rancen ya ce a haɗe, sai dala 2,700 ta shiga cikin dala 10,000. Bashin ya koma dala 12,700. Ruwan yini ɗaya da a jiya yake dala ɗaya da santi 64, yau ya zama dala biyu da santi 9. Ba a ƙara mata kason ruwa ba, yana nan a kashi 6. Abin da ake ɗora kason a kansa ne ya kumbura.

Tsarin biya na yau da kullum shekara 10 ne, wato biya 120. Da a ce ɗalibar ta riƙa biyan dala 50 ɗin nan duk wata tana makaranta, da ta fito da bashin dala 10,000 cif, ta riƙa biyan kimanin dala 111 a wata. Da yake ba ta biya ba, kowane wata dala 141 za ta bayar. Idan aka haɗa komai, wadda ta biya ruwan tun tana makaranta za ta fitar da kimanin dala 16,020 daga farko har ƙarshe. Wadda ta bari aka haɗe mata za ta fitar da dala 16,920. Bambancin ya kai dala 900.

A nan mutane da yawa ke kuskuren fahimta. Ɗalibi ya ga bashinsa ya tashi daga 10,000 zuwa 12,700, sai ya ɗauka haɗewar ce ta ci masa dala 2,700. Ba haka ba ne. Wannan dala 2,700 bashi ce a kansa ko an haɗe ko ba a haɗe ba, domin ruwan shekara huɗu da rabi ne. Ainihin abin da haɗewar ta jawo shi ne dala 900 ɗin, wato ruwan da aka ɗora wa ruwa. Ba ƙaramin kuɗi ba ne, amma bai kai girman da tsoro ke ba shi ba. Abin da ya fi ciwo shi ne daɗewar da bashi ya yi yana kwance ba a taɓa shi ba.

A zahiri ɗalibi ba ya karɓar rance sau ɗaya. Kowace shekara sabon rance ne, da nasa kason ruwan da nasa ranar farawa. Na shekarar farko shi ya fi daɗewa yana tara ruwa, na shekarar ƙarshe kuwa bai wuce shekara ɗaya da rabi ba. Saboda haka wanda ya samu ɗan abin da zai rage, yakan fi amfana idan ya duba wane rance ne ke da kaso mafi tsada da tarin ruwa mafi yawa, ya fara da shi kafin ranar haɗewa. Rancen gwamnatin Amurka ba shi da tara ga wanda ya biya da wuri.

Lamarin yana ƙara nauyi idan haɗewar ta maimaitu. A koma ga ɗalibar nan. Bashinta ya zama dala 12,700, sai ta samu gurbin digiri na biyu, ta nemi a ɗage mata biya na shekara biyu. An ɗage, amma ruwa bai tsaya ba, kuma yanzu a kan 12,700 yake gudu. A shekara biyu ya tara dala 1,524. Da ta fito aka sake haɗewa, bashin ya zama dala 14,224, alhali dala 10,000 ta karɓa, kuma har yanzu ba ta ci wani laifi ba, ba ta yi jinkirin biya ko sau ɗaya ba. Irin wannan ne ke sa a ji mutum ya yi shekaru yana biya, amma bashin bai ko sauko zuwa inda ya faro ba.

Koke-koke a kan haka sun sa Ma'aikatar Ilimi ta Amurka ta sauya ƙa'ida. Daga 1 ga Yuli 2023, ta daina haɗe ruwa da uwar kuɗi a duk inda doka ba ta tilasta ba, ciki har da lokacin da ɗalibi ya fara shiga biya. Ruwan da ya taru yana nan, ba a yafe shi ba, kuma shi ake fara cirewa daga abin da mutum ya biya kafin a taɓa uwar kuɗi. Haihuwa kawai aka hana shi. Sai dai sauyin bai rufe kowace ƙofa ba. Wanda aka ɗage wa biyan rance marar tallafi, kamar ɗalibar da ta koma digiri na biyu, har yanzu ana haɗe masa idan ɗagewar ta ƙare, domin wannan yana cikin dokar da majalisa ta yi. Haka ma wanda ya tattara rancensa daban-daban ya mayar da su guda ɗaya: ruwan da ke kansu yana shiga sabuwar uwar kuɗi.

Bankuna da kamfanoni masu zaman kansu kuwa, wannan ƙa'ida ba ta shafe su ba. A wurinsu, abin da aka sa wa hannu shi ne doka. Da yawa suna ba ɗalibi zaɓi uku: ya riƙa biyan ruwan duk wata, ko ya riƙa ba da wani ɗan adadi ƙayyadadde, ko ya ɗage komai sai bayan karatu. Na ukun shi ne ke ƙarewa da haɗewa. Wannan ya shafi ɗaliban da ke zuwa Amurka daga Nijeriya, Gana ko Nijar, domin rancen gwamnatin tarayya ba na mai bizar karatu ba ne. Wanda ya buƙaci bashi a cikinsu, wurin masu zaman kansu yake zuwa. Asusun ba ɗalibai rance na Nijeriya, wanda ya fara aiki a 2024, babu ruwa a cikinsa, amma na masu karatu a cikin gida ne.

Abin da ya kamata a nema a takardar yarjejeniya shi ne sau nawa ake haɗewar, domin nan bambancin yake. Da a ce kowace shekara ake haɗe ruwan dala 10,000 ɗin nan maimakon sau ɗaya a ƙarshe, da ɗalibar ta fito da bashin kusan dala 13,000, ba 12,700 ba. A Ingila, inda hukumar ba ɗalibai rance ke zuba ruwa cikin bashi wata-wata tun daga kuɗin farko da aka saki, haihuwar tana farawa tun ɗalibi na aji. Can kuma abin da mutum zai biya ya danganta ne ga albashinsa, kuma ana share ragowar bayan shekara 30 ko 40, gwargwadon shekarar da ya shiga jami'a, don haka kumburin adadin ba ya nufin abu ɗaya a ƙasashen biyu.

Gane ko an haɗe ba shi da wuya. Takardar bayanin bashi tana nuna layi biyu, ɗaya na uwar kuɗi, ɗaya na ruwan da ba a biya ba. Muddin layin farko yana daidai da abin da aka karɓa, ba a haɗe ba tukuna, kuma duk abin da aka biya a layi na biyu ya tsira daga haihuwa. Ranar da layi na biyu ya koma sifiri ba tare da an biya komai ba, layin farko kuma ya ƙaru da daidai wannan adadin, to an haɗe. Bayan wannan ranar, ko an biya dala 2,700 ɗin a dunƙule, a matsayin uwar kuɗi za a karɓe ta, tare da ruwan kwanakin da ta riga ta yi a can.