Takardar Shaidar Aiki da Albashi

Da yawa daga cikin masu tashi da asuba a Suleja da Madalla, su wuce gindin Dutsen Zuma zuwa ofisoshin Abuja, 'yan albashi ne. Duk ranar da ɗayansu ya nemi rance a banki ko bizar wata ƙasa, cikin abubuwan farko da za a ce ya kawo akwai takarda daga wurin aikinsa.

Takardar ba ta wuce shafi guda. Ana buga ta a kan takardar ofis mai tambari da adireshi, a rubuta cikakken sunan ma'aikaci, muƙaminsa, matakin albashinsa, ranar da aka ɗauke shi aiki, da ko an tabbatar da shi. Shugaban sashen mulki ne ke sa hannu, a buga hatimi, a sa lambar wayar da za a kira a ji gaskiyar magana. Ma'aikacin tarayya yakan ƙara da lambarsa ta IPPIS, tsarin biyan albashin da aka fara a 2007.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen adadin kuɗin. Albashi biyu ne: wanda ke rubuce, da wanda ke shiga asusu bayan an cire haraji da kashi 8 cikin ɗari na fansho da kuɗin ƙungiya. A ce wata malamar asibiti a Suleja, albashinta a rubuce naira 210,000 ne, amma 180,000 ke shigo mata. Banki da na biyun yake lissafi, kuma yawanci ba ya yarda biyan wata ya wuce sulusinsa. Sulusin 180,000 kuwa 60,000 ne, wato 720,000 a wata goma sha biyu, har da kuɗin ruwa. Idan takardar ta ambaci 210,000 kawai, jami'in banki zai ɗora ta kusa da takardar albashi da bayanin asusu na wata shida, ya ga giɓin 30,000 da ba a bayyana ba. Shi ya sa ya kamata a rubuta duka biyun. Mai roƙon a ƙara masa sifili kuwa kansa yake cuta, domin asusu ba ya rufa wa kowa asiri.

Bankin kan kuma nemi alkawarin cewa albashin zai ci gaba da biyowa ta wannan asusu har a gama biya.

Damuwar ofishin jakadanci daban ce: shin mutumin zai dawo? Don haka sai takardar biza ta faɗi ranar fara hutu da ranar komawa bakin aiki, ranakun su dace da na tafiya. A duba sunan harafi da harafi. Wanda fasfonsa ke ɗauke da Muhammad, takardarsa kuma ta ce Mohammed, ya koma ofis a gyara kafin ya miƙa ta.