Harajin da ba ka yarda da shi ba: a biya ana ƙorafi, ko a jira hukunci?

A shekarar 2021 hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, ta ce tana bin kamfanin MultiChoice, mai DStv, bashin naira tiriliyan 1.8. Kamfanin ya ce atafau ba haka ba ne, ya garzaya kotun ɗaukaka ƙarar haraji. Hukumar ta dage sai ya ajiye rabin kuɗin, wato biliyan 900, kafin a saurare shi. Bai ajiye ko kusa da haka ba, kuma a 2024 aka sasanta a kan kimanin dala miliyan 37. Da ya yi gaggawar biya, da yanzu shi ne ke zaryar karɓo kuɗinsa.

Sai dai ba kowa ke da lauyoyin MultiChoice ba. A ɗauki misalin kamfanin sayar da kayan gini a Kano, wanda aka aiko wa takardar haraji ta naira miliyan 20. Akantansa ya duba littattafai ya ce miliyan 8 ce gaskiya, sauran 12 ɗin kuskure ne, don jami'an sun ƙi amincewa da wasu kuɗaɗen da aka kashe wajen dakon kaya.

Miliyan 8 ɗin nan ba abin jira ba ce. Dokar gudanar da haraji ta 2025, wadda ta fara aiki a watan Janairun 2026, ta bai wa mutum kwana 30 ya rubuta ƙorafinsa, ya faɗi dalilansa dalla-dalla da adadin da ya yarda ana binsa. Abin da ake jayayya a kai kaɗai ake dakatar da karɓa. Hukumar kuma tana da kwana 90 ta ba da amsa, in ta yi shiru, an ɗauka ta amince da ƙorafin. Wanda ya bari kwana 30 suka wuce kuwa, harajin ya tabbata a kansa, ko da ya yi ta cacar baki da jami'ai a ofis.

To, miliyan 12 ɗin fa? In mai kamfanin ya jira, aka shekara ana shari'a, ya sha kaye, hukumar kan ɗora tarar kashi 10 cikin ɗari, da kuɗin ruwa da ke bin ƙimar Babban Bankin Najeriya da ɗan ƙari a kai, kuma takan fara lissafi tun daga ranar da ya kamata a biya. A ce ruwan kashi 30 ne. Tara ta zama miliyan 1.2, ruwa miliyan 3.6, bashin ya koma miliyan 16.8. In ya yi nasara, ko kwabo ba zai ƙara ba.

In kuwa ya zaɓi biya, tambayar ita ce daga ina kuɗin za su fito. Idan rancen banki zai ci a kan kashi 30, ya yi asarar miliyan 3.6 a shekarar, ko ya ci shari'a ko bai ci ba, don kawai ya kauce wa miliyan 4.8 da wataƙila ma ba za ta hau kansa ba. Wannan ciniki ba ya da riba sai in shi kansa ya san hujjarsa ba ta da ƙarfi, misali rasiɗan dakon sun ɓace. Yawancin 'yan kasuwarmu ba sa cin rancen ruwa, amma lissafin bai canza ba, don miliyan 12 da aka zare daga jari siminti ne da rodi da ba a saro ba. Mai kuɗi a ajiye da ba sa juyawa, shi kam biya ya fi masa sauƙi.

Ga kuma wahalar dawo da kuɗi. Doka ta tanadi a mayar wa wanda ya biya fiye da kima, amma sai an sake binciken littattafansa, kuma sau da yawa akan bar masa kuɗin ne a cire daga harajin gaba.

Ɗan kwangila lissafinsa daban ne. Ba ya samun aikin gwamnati sai da takardar shaidar biyan haraji, kuma samunta kan yi wuya muddin ana ganin bashi a sunansa. Kwangilar miliyan 200 ta fi ƙarfin ruwan miliyan 12.

Wanda ya zaɓi biya, lallai ya haɗa da wasiƙa mai cewa ya biya ne ba don ya amince ba, kuma yana nan a kan ƙorafinsa, ya sa a buga masa hatimin karɓa a kwafinsa. Biyan ba ya maye gurbin takardar ƙorafi, kwana 30 ɗin suna nan suna tafiya. In hukumar ta ƙi sauya matsayi, yana da wasu kwana 30 ya kai ƙara kotun harajin, wadda ke da zama a Kaduna da Bauchi da Jos. Idan can ma bai dace ba, yana iya kai ƙara gaban babbar kotu.