Wace ƙusa za ta jure damina: baƙin ƙarfe, mai tutiya ko sitenles?

Mai haɗa sola zai kafa faranti shida a tsakar gida a kan ƙafafun ƙarfe. Farantan an ce za su shekara 20 zuwa 25 suna aiki, amma kusoshi da notocin da za su riƙe su, yawanci yaron shago ake aikawa ya sayo ko waɗanne ya samu. Bayan damina uku sai ka ga jan ruwa yana gangarowa daga kowane rami, noti ya ƙi kwancewa, sifana tana zamewa a kansa. Ba kullum tsadar ƙusa ke hana wannan ba. Abu biyu ne ke yanke hukunci: tsawon lokacin da ƙusar take yi a jiƙe, da irin ƙarfen da take manne da shi.

Tsatsa tana buƙatar ruwa da iska, gishiri kuma yana ƙara mata gudu. Shi ya sa ƙusar da za ta daɗe a Kano ko Damagaram, inda damina wata huɗu ce ko ƙasa da haka sannan rani ya busar da komai, ita ce za ta ruɓe da wuri a Legas ko Fatakwal, inda iska ke da laima kusan duk shekara, ga gishirin teku. Ko a Arewa ma akwai wuraren da ba sa bushewa: gindin tankin ruwa mai yoyo, bakin makwarara, cikin ɗakin kaji inda tururin kashi ke cin ƙarfe.

Baƙin ƙarfe tsura ba shi da wata kariya sai ɗan man da ya zo da shi daga masana'anta. Wurinsa cikin ɗaki ne, ko aikin wucin gadi kamar katakon zuba kankare. Idan dole ne ya fita waje, a yi masa fenti bayan an ɗaure, a kuma san cewa zaren da ke cikin noti fenti ba ya kai masa.

Inda aka fi yaudarar mai saye shi ne wajen mai tutiya, wanda 'yan kasuwa ke kira galbanayiz, domin kaya iri biyu ne ake sayarwa da suna ɗaya. Na farko shi ne wanda aka shafa wa tutiya da lantarki. Yana ƙyalli, fari fat ko ruwan ɗorawa, santsi gare shi, kuma kaurin tutiyarsa bai cika wuce maikiron 5 zuwa 12 ba (maikiron ɗaya kashi 1 ne cikin 1,000 na milimita). Na biyu shi ne wanda aka tsoma cikin narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450. Wannan launin toka ne, dushi-dushi, da ɗan kaushi a hannu, tutiyarsa kuma takan kai maikiron 50. Mummunan shi ne mai aminci, amma ido ya fi son mai ƙyallin.

Tutiya tana kare ƙarfe ne ta hanyar cinyewa a madadinsa, har ma idan an ɗan karce ta, wadda ke gefen karcen takan ci gaba da kare wurin. Saboda haka lissafin mai sauƙi ne. A gari mai matsakaiciyar laima, iska takan ci kamar maikiron 1 a shekara, a bakin teku kuwa takan ci 4 ko fiye. Ƙusa mai maikiron 8 za ta yi wajen shekara 8 a wuri na farko, shekara 2 a na biyu. Mai maikiron 50 kuwa za ta yi shekaru masu yawa nesa da teku, a bakin teku ta haura 10. Sai dai a sayi bolti da notinsa tare: saboda kaurin tutiyar, ana buɗa zaren notin tsomammen bolti fiye da na kullum, noti na gama-gari kuma zai cije a hanya ko ya kankare tutiyar. Haka nan duk inda aka yanke ko aka yi walda, tutiya ta tafi, sai an shafa fenti mai tutiya. Hayaƙin waldar ma yana sa zazzaɓi, kada a yi ta a rufaffen ɗaki.

Sitenles kuwa ba shafe aka yi masa ba. A cikin jikinsa akwai kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin 100, wanda ke haɗuwa da iska ya yi wata siririyar fata da ido ba ya gani, idan an karce ta kuma ta sake tsirowa. A duba kan boltin. Idan an buga A2, shi ne na gama-gari, kuma ya wadatar a ko'ina cikin ƙasar Hausa. Idan A4 ne, an ƙara masa molibdinam don jure gishiri, kuma shi ya dace da bakin teku. A ganina, sayen A4 don aiki a Katsina ɓarnar kuɗi ce. Maganaɗisu ba ya kama waɗannan biyun sai ɗan kaɗan, don haka idan ya manne gam a jikin abin da aka ce maka A2 ne, ka mayar.

Amma sitenles yana da aibu biyu da ba a cika faɗa ba. Na farko, bai kai boltin ƙarfe mai lamba 8.8 ƙarfi ba: mai alamar A2-70 yakan fara miƙewa a nauyin da bai wuce kashi 70 cikin 100 na abin da 8.8 ke ɗauka ba. Kada a musanya su a hasumiyar tanki ba tare da an yi lissafi ba. Na biyu, zarensa yana cijewa. Idan aka ɗaure da inji mai gudu, bolti da noti sukan yi zafi su manne, ba gaba ba baya, sai dai zarto. Maganinsa ɗan giris a zaren da ɗauri a hankali da hannu.

Saura batun maƙwabtaka. Idan ƙarafa biyu mabambanta suka haɗu ruwa ya jiƙa su, sai su zama kamar batir, ɗaya yana cinyewa ɗaya yana tsira. Tutiya da alminiyam su ke fara cinyewa, sai baƙin ƙarfe, sitenles da jan ƙarfe kuma su ne ke tsira. Girma yana da tasiri. Ƙaramin boltin sitenles a cikin faffaɗan alminiyam ba ya yin ɓarna sosai, domin cin yana bazuwa a babban fili. Amma ƙaramar ƙusar baƙin ƙarfe a jikin faffaɗan sitenles, duk cin a kanta zai taru. Katakon da aka jiƙa da maganin gara mai jan ƙarfe, wanda yakan yi launin kore-kore, shi ma haka yake lashe siririyar tutiya, sai tsomamme ko sitenles.

To, mu koma kan ƙafafun solar nan, a ce a Zariya za a kafa su. Inda firam ɗin alminiyam na faranti ya haɗu da maƙallansa, boltin M8 na A2, da giris a zare. Inda ƙafafun ƙarfe masu tutiya ke haɗuwa da juna suna ɗaukar nauyi da bugun iskar farkon damina, boltin M12 tsomamme mai lamba 8.8, da noti da washa irinsa, ba a ɗora masa notin sitenles ba. Inda alminiyam ya kwanta a kan ƙarfe, a sa roba a tsakani. A gindi kuma, a ɗaga kankaren ya fi ƙasa tsawo, a yi masa gangare don kada ruwa ya kwanta a kan notocin, domin can ne tsatsa ke fara kamawa. Idan Legas za a kai aikin nan, A2 ya koma A4, tsomammun boltocin kuma a bi su da fenti, a riƙa duba su kowace shekara: farin gari a kansu tutiya ce ke aikinta, ja kuwa alama ce ta ƙare, a canza boltin tun sifana tana iya kwance shi.