Kwangila Goma Sha Ɗaya a Gurbi Ɗaya: Yadda Mai Aikin Kansa Zai Tsara Sibi

Daga Maiduguri zuwa Sakkwato akwai matasa da yawa da ke cin abinci da gajerun kwangiloli. Wata ƙungiya ta ɗauke su mako biyu su tattara bayanai gida-gida, wani kamfanin bincike ya riƙe su wata uku, daga nan sai su jira kira na gaba. Masu fassara da masu ɗaukar hoto da masu zanen kwamfuta ma haka rayuwarsu take. Matsalar tana tasowa ne ranar da aka tallata aiki na dindindin, aka ce kowa ya kawo sibi, wato takardar da ke nuna karatunsa da ayyukan da ya yi. Idan mutum ya jera kowace kwangila a gurbinta, mai dubawa zai ga sunayen wurare fiye da goma a cikin shekara uku, kuma abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne: wannan ba ya zama wuri ɗaya.

Wannan zato kuskure ne, amma tsarin takardar ne ya haife shi. An saba gurbi ɗaya a sibi yana nufin ma'aikata ɗaya, ranar ƙarshe kuma tana nufin an ajiye aiki ko an kori mutum. Alhali kwangila ƙarewa take yi da kanta idan aikin ya kammala. Maginin da ya gina gida ashirin ba wanda zai ce ya sauya sana'a sau ashirin, sana'arsa ɗaya ce, masu gidajen ne da yawa. Abin da ake so sibi ta nuna ke nan, kuma ana iya yin haka ba tare da an ɓoye komai ba.

Mu ɗauki misalin wata matashiya a Kano. Bayan ta gama bautar ƙasa, ta yi wata takwas, daga Maris zuwa Oktoba 2021, tana kula da katin marasa lafiya a wani asibiti mai zaman kansa, da albashi duk wata. Daga Nuwamba 2021 zuwa Nuwamba 2024 ta yi kwangiloli 11 na tattara bayanai da ƙungiyoyi biyar, mafi gajarta kwana tara, mafi tsawo wata biyar. A tsakani ta yi aikin wucin gadi a zaɓen Fabrairu 2023, ta kuma taɓa koyar da yara lesin. Sibinta ta farko gurbi 14 ce a shafi huɗu.

Matakin farko ba a kan sibi ake yin sa ba. Sai ta buɗe jadawali, ko a littafi ko a Excel, ta rubuta kowane aiki a layinsa: wanda ya ɗauke ta, watan farawa da na gamawa, abin da ta yi, garin da aka yi, da sunan wanda zai iya shaidar ta. Takardun kwangila da saƙonnin banki na biyan kuɗi su ne za su tabbatar mata da watannin, domin ƙwaƙwalwa tana yawan ƙara wa aiki tsawo. Wannan jadawali ba za a aika wa kowa ba, amma daga cikinsa komai zai fito, kuma shi za ta koma wa ranar da aka tambaye ta dalla-dalla.

Mataki na biyu shi ne tacewa, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Ayyuka suna shiga gurbi ɗaya ne idan sun cika sharaɗi biyu: sana'a ɗaya ce, kuma mutum ya yi su ne a matsayin ɗan kwangila, ba ma'aikacin gida ba. Don haka aikin asibiti ba zai shiga ba. Tana da takardar ɗaukar aiki, tana da shugaba, tana karɓar albashi, saboda haka yana da nasa gurbin da watanninsa takwas. Aikin zaɓe da lesin kuma ba sana'ar tattara bayanai ba ce, sai su koma ƙasa a layi biyu ƙarƙashin sauran ayyuka, ko a bar su idan ba su da alaƙa da aikin da ake nema. Saura kwangiloli 11, kuma su ne za su zama gurbi ɗaya.

Ga yadda gurbin zai kasance. Ko da Turanci za a rubuta, ginin ba zai canza ba:

Mai tattara bayanai da kula da ma'aikatan fili, aikin kwangila mai zaman kansa
Kano, Jigawa da Katsina. Nuwamba 2021 zuwa Nuwamba 2024
Kwangiloli 11 da ƙungiyoyi biyar, daga kwana tara zuwa wata biyar. Uku daga cikin ƙungiyoyin sun sake kira na, ɗaya har sau huɗu muka yi aiki tare.
2024: Na jagoranci ma'aikata 12 a binciken rigakafin yara a ƙananan hukumomi huɗu, ina duba bayanansu kullum a KoboToolbox kafin a aika.
2022 zuwa 2023: Na yi hira da magidanta kimanin 900 a bincike uku kan abinci mai gina jiki da ruwan sha.
2022: Na fassara tambayoyin bincike 120 daga Turanci zuwa Hausa, na gwada su a fili kafin a horar da ma'aikata.

Kowane layi yana da aikin da yake yi. Layin farko ya faɗi sana'ar, ya kuma faɗi tun da wuri cewa kwangila ce, don kada mai karatu ya ɗauka wata ma'aikata ce ake ɓoye sunanta. Na biyu ya ba da tsawon lokaci guda a maimakon guntaye 11. Amma layi na uku shi ne zuciyar gurbin. Mai ɗaukar ma'aikaci ba yawan wurare yake tsoro ba, tsoronsa kada ya ɗauki wanda ba a jin daɗin aiki da shi, ko wanda ke tserewa a tsakiyar aiki. Ƙungiyar da ta kira mutum sau huɗu ta riga ta amsa wannan tambaya, domin ba a sake kiran wanda ya ɓata aiki. Wanda bai rubuta wannan ba ya bar hujjarsa mafi ƙarfi a gida.

Layuka ukun ƙarshe zaɓe ne, ba jerin komai ba. Ana ɗauko uku ko huɗu da suka fi kusa da aikin da ake nema, a fara da na baya-bayan nan. Idan aka karanta su daga ƙasa zuwa sama, sai a ga hawa: mai fassara da yin tambayoyi ta zama mai kula da mutum 12. A sibinta ta farko wannan ci gaba ya ɓace a cikin sunaye. Idan kuma gobe aikin fassara take nema, sai ta ɗago layin fassara sama, ta ƙara wani irinsa daga jadawali.

Akwai wurare uku da haɗawa ke rikiɗewa ta zama yaudara. Na farko shi ne giɓi. Matashiyar nan ba ta sami kwangila ko ɗaya ba daga Yuni zuwa Nuwamba 2023. Hutun mako uku ko wata guda tsakanin ayyuka ɗabi'ar sana'ar ce, ba wanda zai tambaya. Amma wata shida ba a shafe shi da tsawon gurbi. Daga Nuwamba 2021 zuwa Nuwamba 2024 wata 37 ne, idan kuma ta haɗa kwanakin aikinta na zahiri suka ba da wata 20, to sai ta rubuta hakan a layi na uku. Idan talla ta ce ana son gogewar shekara uku, kada ta bari kwanan wata ya yi mata ƙaryar da bakinta ba zai iya karewa a intabiyu ba.

Na biyu shi ne sunan wanda aka yi wa aiki. Sau da yawa babbar hukuma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ce ke ba da kuɗin bincike, amma ƙaramin kamfani ne ya ɗauki ma'aikatan fili. Wanda ya sa hannu a kwangilarka ya biya ka, shi ne ka yi wa aiki. Idan ka rubuta sunan babbar hukumar, aka buga waya can, za su ce ba su san ka ba, kuma gaskiya suka faɗa. Daidai shi ne a rubuta sunan kamfanin, sannan a ce aikin na hukuma kaza ne. Idan kuwa ka sa hannu kan riƙe sirri, bayyana irin ƙungiyar ya wadatar: wata ƙungiyar lafiya ta ƙasa da ƙasa mai aiki a Jigawa.

Na uku shi ne muƙami. Wasu sukan ƙirƙiro sunan kamfani su kira kansu babban darakta. Idan da gaske ka yi rajistar sunan kasuwanci da Hukumar Rajistar Kamfanoni, kuma da sunan ake biyan ka, ka rubuta shi. In ba haka ba, tambaya ɗaya ce za ta warware zancen: ma'aikata nawa gare ka?

Haka kuma ba ko'ina ake haɗawa ba. Fom ɗin P11 da wasu hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke amfani da shi yana neman kowane aiki daban, da watansa da shekararsa da sunan shugaba da dalilin barinsa. Duk inda fom ya ce a jera komai, sai a jera, a rubuta cewa kwangila ta ƙare a wurin dalili. A nan ne jadawalin farko zai yi rana. A shafukan neman aiki kuwa, inda dole a cike sunan ma'aikata, kada a bar akwatin fayau. LinkedIn, alal misali, yana da zaɓin Freelance da Self-employed a ƙarƙashin nau'in aiki.

Kafin ka aika, ka gwada takardar ta hanya biyu. Ka miƙa wa wanda bai san aikinka ba ya duba na rabin minti, sannan ka tambaye shi sana'arka da shekarun da ka yi kana yin ta. Idan ya kasa, layi biyun farko ne ba su fito ba. Sannan ka bi kowane adadi ka tambayi kanka: ina da takarda ko mutumin da zai tabbatar da wannan? Abin da ba shi da shaida, ka cire. Ka kuma sanar da mutum biyu daga ƙungiyoyin da suka sake kiran ka cewa za a iya tuntuɓar su, domin su ne za su tabbatar da abin da gurbin ya yi iƙirari: cewa kana gama aikin da ka karɓa, kuma ana sake neman ka.